Laftof na jone da caja amma batir ba ya hawa: tsarin gwaji a kan Dell Latitude 5490

Wannan tsarin na laftof ɗin da ke kunnuwa yana aiki da caja, amma batirinsa ya tsaya cak ko yana ta raguwa. An yi shi a kan Latitude 5490 mai caja 65W, sai dai yawancinsa zai yi wa sauran Dell da HP masu caja mai allura a tsakiya. Doka ɗaya ce: kada a sayi batir sai an gama tantance caja da ramin caji. Batir shi ake fara ɗora wa laifi, alhali sau da yawa lafiyarsa ƙalau.

Da farko a duba adadin da ya tsaya

In batir kullum a 60 ko 80 cikin ɗari yake tsayawa, ba ya wuce nan kuma ba ya sauka, da wuya a ce lalacewa ce. Saiti ne. Kashe laftof, kunna, ka riƙa danna F2 har BIOS ya buɗe. Shiga Power Management, sannan Primary Battery Charge Configuration. In an zaɓi Custom ko Primarily AC Use, mayar da shi Standard, ka adana. A Lenovo sunan wannan saitin Conservation Mode, yana cikin manhajar Lenovo Vantage. A Asus yana cikin MyASUS. An yi shi ne don batir ya daɗe, saboda haka mai aiki kullum a kan tebur gara ya bar shi a kunne.

Ka taɓa ƙasan laftof ɗin ma. Batirin litiyom yana da na'urar auna zafi a cikinsa, in zafi ya haura kusan digiri 45 sai caji ya tsaya. Ka kashe shi, ka ɗauke shi daga kan katifa, ka ba shi rabin awa ya huce.

Caja

Tun kana cikin BIOS, buɗe General, sannan Battery Information. A ƙasa akwai layin AC Adapter. Wannan layin shi ne rabin aikin. In ya nuna 65W ko 90W, laftof ya gane cajarsa. In ya nuna Unknown, ka samo bakin zaren.

Ga dalili. Kan cajar Dell hanya uku gare shi. Ƙarfen waje shi ne ƙasa, wato negatif, bangon ciki shi ke ɗauke da 19.5V, siririyar allurar tsakiya kuwa ba wutar caji take kaiwa ba, saƙo take kaiwa. Cikin cajar akwai ɗan guntun cif da ke gaya wa laftof ƙarfinta ta wannan allurar. In allurar ta lanƙwashe, ko siririyar wayarta ta tsinke a gindin kai inda ake yawan naɗewa, ko cif ɗin ya mutu, wuta za ta ci gaba da shiga, laftof zai kunnu, amma zai ƙi cajin batir, ya kuma rage gudunsa har ka ji ya yi nauyi. Cajar jabu ma haka take yi, ko da an buga mata tambari mai kyau.

Haska tocila cikin kan cajar, allurar ta kasance a miƙe a tsakiya. Sai ka kawo mita mai auna wuta, ka sa ta a ma'aunin DC da ya haura 20V. Baƙin tsinke a ƙarfen waje, jan tsinke a bangon ciki. A nan fa a yi hattara sosai: in jan tsinken ya haɗa bangon ciki da allura ko na ƙiftawar ido, 19.5V zai bi ta allurar ya ƙona cif ɗin, ka kashe lafiyayyar caja da hannunka. Naɗe tsinken da salatef, ka bar bakinsa kaɗai. Abin da ake so shi ne 19V zuwa 20V. Kana aunawa kana lanƙwasa wayar a hankali daga kai har gindi. In lambar tana tsalle, waya ta karye a ciki.

Mita ba ta gama magana, domin caja kan nuna 19.5 ba kaya a kanta, da an ɗora mata nauyi ta faɗi. Gwajin da ya fi kowanne shi ne aron caja ta asali da aka tabbatar tana aiki. Ƙarfinta ya kai na laftof ɗin ko ya fi: ta 65W tana ba da 3.34A, ta 90W 4.62A, duka a 19.5V. Mai 90W ba za ta cuce shi ba, abin da yake bukata kawai zai ja. Mai 45W kuwa za ta iya riƙe shi a kunne ta kasa cika batir.

Ramin caji

In caja mai kyau ma Unknown take nunawa, laifin ya koma wajen laftof. Bar shafin BIOS a buɗe, ka ɗan motsa kan cajar a cikin ramin. In rubutun yana sauyawa tsakanin 65W da Unknown, ramin ya saki. Sa'ar da aka yi, a wannan samfurin ba a narke ramin a jikin bod ba, yana kan 'yar gajeriyar waya mai filogi. A kwance murfin ƙasa, a fara zare filogin batir, sannan a sauya ramin. In an sa sabo Unknown bai tafi ba, to layin da ke karanta allurar a kan bod ne ya ƙone, wannan kuma aikin mai gyaran bod ne.

Akwai wata alama da ba a wasa da ita. In fitilar caja tana ci, amma da ka jona ta sai ta mutu, wuta ta haɗe a ramin ko a bod, cajar tana kare kanta ne. Kada ka yi ta maimaitawa, kada kuma ka gwada cajar wani.

Batir

Sai yanzu aka zo kansa. Buɗe Command Prompt ka rubuta:

```
powercfg /batteryreport
```

Zai nuna maka inda ya ajiye fayil ɗin. A ciki ka kwatanta DESIGN CAPACITY da FULL CHARGE CAPACITY. Batirin da aka ƙera a 68,000 mWh, in yanzu 20,000 yake ɗauka, ya gama aikinsa. In shafin bai nuna batir ba sam, kashe laftof, cire caja, buɗe murfi, zare filogin batir, danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 30, ka mayar da filogin ya zauna daram. Wannan yana farfaɗo da ƙaramin cif ɗin da ke kula da caji in ya rikice.

Laftof ɗin da ya yi watanni a ajiye batirinsa a sifili, a bar shi a kashe kan caja awa biyu zuwa uku. In bai motsa ba, ƙwayoyin batirin sun sauka ƙasa da kima, bod ɗin batirin ya kulle kansa. Kada a yarda a yi masa dabarar cusa wuta kai tsaye, hanyar gobara ce. Haka in wurin yatsa, wato touchpad, ya taso ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batir ya kumbura: a daina caji nan take, a cire shi ba tare da an matsa ko an huda shi ba.

Windows

Ana zargin Windows ne kawai in batir yana hawa lokacin da laftof ke kashe, ya tsaya in an kunna. Buɗe Device Manager, ƙarƙashin Batteries ka danna dama a kan Microsoft ACPI-Compliant Control Method Battery, zaɓi Uninstall device, ka sake kunnawa, zai mayar da shi da kansa. Sabunta BIOS a bar shi ƙarshe, kuma ba a fara shi da batirin da ya kusa mutuwa a inda wuta ke iya ɗaukewa, don in ta yanke ana tsaka da aikin laftof ɗin zai iya ƙin tashi gaba ɗaya.