Lissafin Cefanen Walimar Aure na Mutum 300, Unguwar Rogo, Jos

Assalamu alaikum, Hajiya Babba. Ga lissafin cefanen walimar ranar Asabar, 12 ga Disamba, kamar yadda kika nema, tare da bayanin yadda aka fitar da kowane adadi, domin wanda za a aika kasuwa ya san abin da zai iya ragewa da abin da bai kamata ya taɓa ba.

Kin ce katin gayyata 240 aka raba. Na ƙara kashi ɗaya bisa huɗu, wato mutum 60, saboda 'yan rakiyar amarya, da maƙwabta, da yaran da ke biyo iyayensu, da kuma kwanukan da za a aika gidajen dattawa. Saboda haka mutum 300 za mu girka wa. Ma'aunin girkina na mutum 10 ne, don haka duk abin da kowa zai ci za a ninka shi sau 30. Waina da miyar taushe kuwa, a saninmu rabin jama'a ne ke nemansu idan akwai dafa-duka a gabansu, shi ya sa na yi lissafinsu a kan mutum 150, ninki 15 ke nan.

Kafin a shiga kaya, dole a daidaita ma'auni, domin a nan ne kuɗi ya fi salwanta. Na ɗora mudun da muke aiki da shi a kan sikeli cike da shinkafa, ya ba da kilo 1.6, kuma gwangwanin madara 10 ne ke cika shi. Gwangwani ɗaya na mai na ɗauke shi a matsayin mililita 150, kwalbar mai kuma santilita 75 ce, wato kwalba 4 ke yin lita 3. Ina roƙon kada a yi awo da kwanon da dangin ango za su iya kawowa daga Kano, domin ya fi mudun Jos girma sosai, kuma idan aka gauraya su lissafin nan gaba ɗaya zai rushe.

Dafa-dukar shinkafa ita ce uwar girki. Mutum 10 suna cin mudu 1, saboda haka mutum 300 suna bukatar mudu 30, wanda ya zama kilo 48. A sayi buhu ɗaya mai kilo 50 a kasuwar Katako, kilo 2 da ya rage zai cike gurbin abin da ake asara wajen tsincewa da ƙanzo. Kayan miyanta a ma'aunin mutum 10 su ne tumatir kilo 1, tattasai gram 400, attarugu gram 100, albasa gram 500, da tumatirin gwangwani gram 210. Idan aka ninka, tumatir ya zama kilo 30, tattasai kilo 12, albasa kilo 15, tumatirin gwangwani kuma kilo 6.3, wanda manyan gwangwanaye 3 masu kilo 2.2 za su wadatar.

Akwai abubuwan da ba sa bin ninki yadda yake a takarda, kuma ina so a kula da su sosai. Attarugu a lissafi kilo 3 ne, amma kilo 2 na rubuta, domin yaji yana taruwa a babbar tukunya, ga kuma tsofaffi da ƙananan yara a cikin baƙi. Gishiri cokali 2 ne na mutum 10, kimanin gram 35, wanda ya kai kusan kilo 1 idan aka ninka; a sayi kilo 2 domin sauran girki, amma a fara zuba kashi uku bisa huɗu na abin da lissafi ya nuna, a ɗanɗana, sannan a ƙara. Haka za a yi da magi: dunƙule 6 sau 30 ya ba da 180, a sayi 250 har da na miya da na kaza. Man gyaɗa ma haka yake. Gwangwani 2 sau 30 lita 9 ne, wato kwalba 12, sai dai lita 7 ya isa, don shinkafa mai yawa idan aka cika mata mai takan kwanta a gindin tukunya ta yi nauyi a ciki. Da lita 10 na suyar kaza da lita 5 na tuyar waina, jimla lita 22, don haka jarka ɗaya mai lita 25 za a saya.

Kowace kaza za a yanka ta gida 8, kowa ya samu yanka ɗaya. Yanka 300 ya kama kaza 38 idan aka cike, ni kuwa 40 nake so, saboda wuya da baya ba a sa wa baƙo su a faranti.

Waina 3 ce rabon kowane mutum, wato 450 ga mutum 150. Mudu ɗaya na shinkafar tuwo yana ba ni kimanin waina 50 a tandar da muke amfani da ita, saboda haka mudu 9 ake bukata, kusan kilo 14 da rabi, tare da yis gram 100 da sukari kilo 1. Sanyin Jos a watan Disamba yana hana ƙulli tashi da wuri, don haka za a jiƙa shinkafar tun safiyar Juma'a, a kai niƙa da la'asar, a rufe ƙullin da bargo a ɗakin da babu iska. Kada wanda ya ga ya yi jinkirin kumbura ya ƙara masa yis, domin wainar za ta yi tsami. Miyar taushe tana bukatar matsakaiciyar kabewa 15, nama mai ƙashi kilo 15, gyaɗa gwangwani 30 wato mudu 3, manja lita 2.25 wanda ya zo daidai da kwalba 3, ƙarin tumatir kilo 5, ƙarin albasa kilo 5, sai alayyafo da yakuwa gwargwadon girman ɗaurin da aka samu a ranar.

Zoɓo kuwa kowa zai samu roba ɗaya mai santilita 50, jimla lita 150. Mudu ɗaya na busasshen zoɓo yana fitar da kimanin lita 15, saboda haka mudu 10 za a saya, da sukari kilo 12 a kan gram 80 kowace lita, da citta kilo 1, da kanumfari gram 200, da robobi 300.

A taƙaice ga mai zuwa kasuwa, tumatir kilo 35 ne gaba ɗaya, albasa kilo 20, sukari kilo 13. Busassun kaya a saye su tun ranar Litinin. Kayan gwari kuma a bari sai safiyar Juma'a a Farin Gada, kuma a sa mai kaya ya ɗora kwandon a sikeli a gaban mai saye, a cire nauyin kwandon, domin kwanduna ba girmansu ɗaya ba, sannan na ƙasa sau da yawa ya fi na sama laushi.

Idan adadin baƙi ya ƙaru, to ga kowane mutum 40 a ƙara shinkafa mudu 4, kaza 5, tumatir kilo 4, albasa kilo 2, da zoɓo lita 20. Ina bukatar jin adadi na ƙarshe daga gare ki kafin daren Laraba, Hajiya, domin ranar Alhamis ne za a tabbatar wa mai kaji da mahauci abin da za su kawo. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya.