Neman Samfurin Bokiti Kafin Odar Farko

Zuwa ga Manajan Ciniki, masana'antar roba, Sharaɗa, Kano.

Assalamu alaikum, Alhaji.

Muna sarin kayan roba a Gusau, kuma muna shirin ɗaukar bokiti 6,000 mai lita 20. Kafin mu ba da kafin alƙalami, muna roƙon samfuri tara, uku-uku daga shuɗi, ja da kore. Don Allah a ciro su daga kayan da injin ke fitarwa yanzu, kada a yi mana na musamman. A rubuta nauyin kowanne, da yawan tsohuwar robar da aka gauraya, domin idan ta yi yawa bokiti kan tsage a rana, kunnensa ya ɓalle. Za mu cika su da ruwa, mu rataye, mu bar wasu a rana mako biyu.

Kuɗin samfuri da na mota mu za mu biya, amma a cire na samfurin daga odar idan ciniki ya faɗa. In suka saɓa wa abin da kuka rubuta, sake aikowa yana wuyanku. Wanda muka amince da shi za mu sa wa hannu, ɗaya a wajenku, ɗaya a wajenmu, da shi za a gwada kaya ranar lodi.

Na gode. Allah ya ƙara buɗi.

Mai kula da sayayya, Gusau.