Amsa kan ƙorafin injin ban ruwa

Birnin Kebbi, Talata 11 ga Fabrairu, 2025

Assalamu alaikum Alhaji,

Saƙonka na jiya ya iso, mun karanta shi har ƙarshe. Ka ce injin ban ruwa mai inci 3 da ka saya a wurinmu ranar 20 ga Janairu ya tsaya cak a gonarka ta fadamar Argungu, shinkafa kuma ta kwana uku ba ruwa. Duk wanda ya san noman rani ya san nauyin wannan magana. Muna jajanta maka, Allah ya tsare amfanin.

Shinkafa ba ta jira, don haka mu fara da ita. Mun ware injin aro irin naka, ka turo yaro ya ɗauka yau kafin ƙarfe 5, ka riƙe shi kwana 10 ba ko kwabo. Wannan don mutuncin da ke tsakaninmu ne, ba hukunci ba ne kan wanda ke da laifi, domin ba a buɗe injin ba tukuna.

Abubuwa da dama kan tsayar da sabon inji, kuma kowanne yana barin alama. Baƙin man farko ana juye shi bayan awa 20 na aiki, a zuba sabo kimanin lita 0.6, in ya ƙone ko ya yi ƙasa, fistin ya kan kama. In aka tayar da inji ba a cika famfon da ruwa ba, sil ɗin ya kan ƙone cikin ƴan mintuna. Tiyon da ba rariya a bakinsa yana jawo yashi, yashin ya cinye fanka. Fetur mai ruwa a kabureta ake ganinsa. Akwai kuma aibin da ke zuwa daga masana'anta, shi ma ba mu cire shi daga lissafi ba.

Ka kawo injin ranar Alhamis da ƙarfe 10 na safe, tare da rasit da katin garanti. Don Allah kada a kwance ko noti ɗaya, kada a juye man da ke ciki, shi ne babban shaida. In an sa masa kan gas, a faɗa mana tun farko. Ka zo da bakanikenka, a buɗe a gabansa, a ɗauki hoto. Ranar Asabar za mu ba ka sakamako a rubuce. In aibin masana'anta ne, za a gyara ko a canza bisa sharuɗɗan katin. In wani abu ne daban, za mu faɗi kuɗin gyara kafin a taɓa komai.

Batun diyyar gona da zuwa kotu da ka ambata, ba za mu ce komai a kai ba sai an ga sakamakon. Kawo injin kuma bai tauye maka wani haƙƙi ba.

A huta lafiya.

Manajan shago