Takardar Koke Kan Jinkirin Biyan Diyyar Inshorar Mota

15 ga Satumba, 2025

Zuwa ga Shugaban Sashen Karɓar Koke-koke,
Hukumar Kula da Harkokin Inshora.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina kawo kukana a kan kamfanin da na yi wa motata cikakkiyar inshora a wurinsa, wanda sunansa ke jikin takardar yarjejeniya mai lamba 4417302 da na haɗo. Lambar neman diyyata ita ce 20915.

Ranar 9 ga Janairu, 2025, wata babbar mota ta buge ni ta baya. Washegari na sanar da kamfanin, kuma kafin mako ya zagayo na miƙa duk abin da suka nema: rahoton 'yan sanda, kwafin lasisin tuƙi, hotuna da ƙiyasin makanike. Mai tantance ɓarnar da suka turo ya duba motar ranar 4 ga Fabrairu. Ya rage wani abu daga ƙiyasin, ban ja ba. Ranar 12 ga Maris na sa hannu a takardar amincewa da adadin da su da kansu suka yanke, bayan sun cire kason da yarjejeniya ta ɗora mini.

Daga nan shiru kamar an aiki bawa garinsu. Na rubuta musu wasiƙa sau biyar, ba amsa. Na taka har ofishinsu sau uku. Zuwan farko aka ce fayil yana hedikwata, na biyu aka ce an canja wa jami'in wurin aiki, na uku kuwa aka nemi in sake kawo rahoton 'yan sanda, alhali ga hatiminsu a kan kwafina na shaidar sun karɓa tun Janairu. Abin mamaki, da wa'adin inshorar ya kusa cika a watan Agusta, saƙon tunatarwa cewa in biya kuɗin sabuntawa har sau biyu ya same ni. Ashe dai suna da lambata.

Da sun ce ba za su biya ba, suka faɗi dalili, da na san inda zan nufa. Wata shida ke nan ba su ƙi ba, ba su biya ba. Motar tana gareji, mai gareji ya fara lissafa mini kuɗin ajiya, ni kuma kullum a motar haya nake kai yara makaranta.

Ina roƙon hukuma ta umarci kamfanin ya biya adadin da muka sa wa hannu cikin wa'adin da za ta tsayar, ko ya bayyana a rubuce sharaɗin da ya dogara da shi. Ina kuma neman a duba batun kuɗin ajiyar, domin jinkirinsu ne ya jawo shi.

Kwafin dukkan takardun da na ambata yana haɗe da wannan wasiƙa. Duk ranar da aka kira ni zan zo da na asali.

Taku cikin girmamawa,
Rabi Musa