Tambayar Jarrabawa a Rabon Gado: Idan Rabo Ya Fi Asali Yawa

Ga tambayar kamar yadda za ta zo muku a takarda: Wani mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da uwa, da uba, da 'ya mace ɗaya, da jika mace 'yar ɗansa wanda ya riga shi rasuwa, da ɗan'uwa shaƙiƙi. Dukiyarsa 700,000, an kashe 10,000 wajen likkafani da jana'iza, ana binsa bashin 90,000, sannan ya yi wasiyyar 60,000 ga wani maƙwabcinsa. Fitar da rabon kowa.

To ɗalibai, kar wanda ya yi gaggawar kama raba 700,000 ɗin nan, ba duka ce ta magada ba. Cire kuɗin jana'iza saura 690,000, cire bashi saura 600,000. Sai wasiyya, ita kuma abu biyu za ka duba, shin ta wuce sulusi, kuma shin magaji aka yi wa? Sulusin 600,000 shi ne 200,000, ka ga 60,000 ba ta ko kusa ba, maƙwabci kuma ba magaji ba ne, don haka ta zartu. Abin rabawa ya zama 540,000.

Yanzu wa zai ci wa ba zai ci ba. Shaƙiƙi dai uba ya katange shi, ba shi da ko sisi, amma don Allah ka rubuta dalilin a takardarka, kar kawai ka ja masa layi ka wuce, akwai maki a wurin.

Mata sumuni take da shi wato 1/8 tunda mamacin ya bar zuriya, aya ta 12 a Suratun Nisa'i. 'Ya ita kaɗai ce kuma babu ɗa namiji da zai mai da ita asaba, wato mai cin abin da ya yi saura bayan masu yankakken rabo, rabi kenan, aya ta 11. Uwa sudusi 1/6 saboda akwai 'ya. Uba shi ma sudusi, kuma tunda zuriyar duk mata ne, in wani abu ya yi saura shi zai kwashe a matsayin asaba.

Jikar nan ita ce inda yawancinku ke zamewa, wasu su hana ta gaba ɗaya wai 'ya ta katange ta, wasu kuma su haɗa ta da 'yar su raba musu 2/3 daidai wa daida, duka biyun kuskure ne. Sudusi take samu, cikon sulusani, domin rabi ka haɗa da sudusi shi ne 2/3 ɗin da aka yanka wa 'ya'ya mata, kuma haka Ibn Mas'ud ya ruwaito hukuncin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da 'ya'ya mata biyu ne da sun cinye sulusanin, jika ta faɗi, sai fa in akwai jika namiji da zai ja ta su zama asaba.

Asalin mas'ala, nemo ƙaramar lambar da 8 da 2 da 6 duk za su shiga ba saura, 24 ce. Mata 3, 'ya 12, jika 4, uwa 4, uba 4. Tara ka gani, 27 ya ba ka alhali asali 24 ne. Anan ne sai ka ga ɗalibi ya rikice ya fara goge-goge yana zaton lissafinsa ne ya karkace, a'a lissafinka daidai yake, mas'alar ce ta yi auli, wato jimlar rabon magada ta fi asali yawa. Gwada ba kowa rabonsa cikakke daga 540,000, mata 67,500, 'ya 270,000, sauran ukun 90,000 kowanne, jimla 607,500, ina za ka samo 67,500 ɗin da ya hau? Kuma ba ka da ikon zaɓar mutum ɗaya ka ce shi zai ɗauki asarar, kowannensu rabonsa yankakke ne da nassi. Shi ya sa tun zamanin Sayyidina Umar aka tafi a kan a ɗaga asalin, ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa, kuma a kan haka mazhabobi huɗu suke. Ni wallahi wannan gurin yana burge ni, ba a fifita mai ƙarfi an danne jika marainiya ba.

Saboda haka 27 za ka raba da ita, 540,000 ÷ 27 = 20,000, kaso ɗaya kenan. Mata 3 × 20,000 = 60,000, wanda in ka lura ɗaya bisa tara ne, sumuninta ya koma tusu'i kamar a mas'alar Minbariyya, wadda mamaci ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba. 'Ya 12 × 20,000 = 240,000. Jika da uwa da uba kowanne 4 × 20,000 = 80,000, kuma uba a sudusinsa ya tsaya tunda babu saura.

Kafin ka miƙa takarda tara su, 60,000 da 240,000 da 80,000 sau uku, 540,000 cif. Wallahu a'alam.