Rahoton Lissafi a kan Molekul ɗin Ruwa: Hanyar DFT da Daidaita Siffa

Molekul ɗin ruwa, H₂O, yana da ilektiron 10. In za a bi kowanne da matsayinsa a lissafin Schrödinger, sai an riƙe ma'aunai 30 a lokaci guda. DFT, wato Density Functional Theory, ta rage wannan wahala, domin abin da take dubawa shi ne cunkoson ilektiron, ρ(r), wato yawansu a kowane gurbi, kuma ma'aunai uku sun ishe shi. A 1964 Hohenberg da Kohn suka tabbatar cewa wannan cunkoso kaɗai ya isa ya fayyace makamashin molekul a matakinsa na ƙasa. A 1965 Kohn da Sham suka kawo dabarar aiki da shi: a ƙaddara ilektiron ba sa hulɗa da juna, amma cunkosonsu daidai yake da na gaskiya, sannan a tattara abin da ya rage a kaso ɗaya, E_xc.

To, a nan gizo ke saƙa. Ba wanda ya san ainihin siffar E_xc, kintata ta ake yi. Mun zaɓi B3LYP, ɗaya daga cikin waɗannan kintace, wadda ke gauraya kashi 20 cikin 100 na musayar Hartree-Fock, tare da 6-31G(d), wato tarin siffofin lissafi da ake kwatanta gurbin ilektiron da su, a manhajar Gaussian, inda Opt ke daidaita siffa, Freq kuma ke lissafa girgizar molekul:

```
#p B3LYP/6-31G(d) Opt Freq
```

Daidaita siffa kuwa neman tsarin atam ne mafi ƙarancin makamashi. Manhajar takan lissafa makamashi da ƙarfin da ke jan kowane atam, ta ɗan gusar da su ta inda makamashin ke raguwa, ta sake lissafi. Haka za ta yi ta yi har sharuɗɗa huɗu su nuna YES, ciki har da Maximum Force, wato ƙarfi mafi girma da ya rage kan atam, ya sauka ƙasa da 0.000450.

Gwajinmu na farko ya koya mana hankali. Mun jera atam ɗin uku a miƙe, kusurwa 180°, lissafi ya kammala lami lafiya. Sai da muka duba sakamakon Freq muka ga lambobin girgiza masu alamar ragi. Ashe daidaiton ɓangarorin biyu ne ya soke ƙarfin lanƙwasawa, molekul ya tsaya cak a kan tudu alhali kwari muke nema. Muka sake farawa daga 110°.

A karo na biyu tsawon O–H ya fito 0.969 Å, kusurwar H–O–H kuma 103.6°, awon ɗakin gwaji 0.958 Å ne da 104.5°. Girgiza uku da ƙa'idar 3N−6 ta tanada, inda N ke nufin yawan atam, duk sun fito ba alamar ragi: 1713, 3727 da 3849 cm⁻¹. Sun ɗara na gwaji, wato 1595, 3657 da 3756, musamman saboda lissafin ya ɗauki haɗin atam ɗin tamkar naɗaɗɗiyar waya da ke miƙewa tana komawa ba ta kauce wa ƙa'ida. Shi ya sa akan ninka su da kusan 0.96 kafin kwatantawa. A ganinmu 6-31G(d) ta yi ƙanƙanta ga kusurwar, don haka za mu maimaita aikin da 6-311++G(d,p).