Tunatarwar Safe da Bincikar Dare: Babi na Huɗu, Ranar Talata

Saƙon safe, bayan sallar asuba

Assalamu alaikum, ƙanena. Da fatan ka tashi lafiya tare da iyali.

Lissafin da ka aiko mini daren jiya ya nuna cewa kundin digirinka na biyu ya kai kalmomi 18,400, alhali kuwa kai da malamin da ke duba aikinka a Jami'ar Legas kun tsayar da 30,000. Saura 11,600 ke nan. Idan ka riƙe 400 a kowace rana kamar yadda muka yi alkawari, kwana 29 ne suka rage maka, sannan ka samu sararin gyara kafin ka kai masa Akoka, inda jami'ar take. Saboda haka abin da ake nema yau shi ne lissafin ya kai 18,800 kafin ka kwanta.

Aikin yau shi ne sashen da ka tsaya a kansa, wato yadda jirgin ƙasa ya sauya fataucin goro har Hausawa suka yi zango a Agege. Ka riga ka kawo cewa layin dogo ya isa Ibadan a 1901, ya kuma isa Kano a 1911. Abin da ba ka rubuta ba tukuna shi ne dalilin da ya sa fataken da kakanninsu suka saba tafiyar watanni da jakuna zuwa Gwanja suka ga ya fi musu sauƙi su sayi goro a ƙasar Yarbawa, su ɗaure huhu, su loda a tasha. Ka san amsar, domin ka bayyana mini ita da baki ranar Juma'a ba tare da ka duba ko takarda ɗaya ba. Ka rubuta ta kamar yadda ka faɗa, gyaran salo ya jira ranar Asabar.

Ina roƙonka kada ka buɗe babi na ɗaya yau. Na lura duk ranar da sabon rubutu ya yi maka nauyi, sai ka koma can kana sauya waƙafi da aya, ka tashi a gajiye kana ganin ka yi aiki, amma lissafi yana inda yake. Minti 40 da kake da su kafin ka fita sun isa kalmomi 200. Sauran kuma, idan ka samu wurin zama a jirgi ko a bas zuwa Ikeja, ka rubuta su a waya, idan kuwa cunkoso ya hana, to bayan sallar isha'i. Ka yi cajin kwamfutarka a ofis, domin wutar unguwarku ba abar dogaro ba ce.

Saƙon dare, ƙarfe 9:30

Barka da dare, ya gajiyar hanya?

Ka buɗe kundin a Microsoft Word, ka danna `Ctrl+Shift+G`, ka aiko mini da adadin da ya fito. Ka tabbata ka cire alamar da ke kan `Include textboxes, footnotes and endnotes`, domin bayanan ƙasan shafi ba sa cikin yarjejeniyarmu. Haka kuma doguwar maganar da ka kwafo daga hirarka da dattijon dillalin goro na Agege, ka cire adadinta daga lissafin yau. Tana da daraja ƙwarai, amma shi ya faɗe ta, kuma abin da nake ƙirgawa shi ne jimlolin da suka fito daga kanka.

Bayan adadin, ina son ka gaya mini wace tambaya ce rubutun yau ya amsa, a jimla ɗaya tak, domin mutum yana iya cika shafi biyu yana kewaye batu bai taɓa shi ba. Idan akwai inda ka maƙale saboda rashin hujja, kada ka tsaya nema da daren nan, ka sa alama a wurin, ka shigar da shi cikin jerin abubuwan da za ka duba idan ka je ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Ibadan.

Idan 400 ɗin ba su cika ba, ka faɗa mini gaskiyar adadin, ko da 90 ne. Ba za mu ɗora bashin yau a kan gobe ba, domin wanda ya wayi gari da 700 a kansa yakan ƙi buɗe kwamfutar gaba ɗaya. Sai dai mu duba ranar Lahadi mu ga ko wa'adin zai matsa da kwana ɗaya. Kafin ka rufe, ka rubuta jimlar da za ka fara da ita gobe, ka ajiye kwafin kundin a imel ɗinka, sannan ka kwanta kafin ƙarfe 11.

Ina jiran adadin. A gaida mai ɗakinka da yara.

Yayarka